Kuɗin Shanun da na Tura Nijar

Na fara harkar shanu a kasuwar Mai'adua tare da abokina na ƙuruciya, wanda ya fi ni sanin waya. Wata rana na sayi bijimai biyu a hannun wani dattijo Bafulatani daga Nijar. Ya nemi a tura wa ɗansa kuɗin can gida, ya karɓa a sefa.

Abokina ya ce shi zai tura da manhajar wayarsa, in ba shi naira. Ya faɗa mini canjin ranar da ladan turawa. Ban nemi ganin komai ba, na ba shi.

Bayan mako guda dattijon ya dawo ya ce, “Malam, kuɗin sun isa cif. Amma na faɗa wa ɗana nairar da na ga ka ƙirga wa abokinka, ya ce ka biya da yawa, a duba.”

Ƙanwata ta buɗe irin manhajar ta nuna mini. Kafin ka danna turawa, tana rubuta nairar da za ka bayar, da farashin da za ta canja ta zuwa sefa, da ladanta, da abin da zai isa hannun mai karɓa. Ta ce canji yana motsi kullum, sai a duba rasit ɗin ranar a wayar abokina.

Na same shi na ce, “Nuna mini rasit.”

Ya daɗe kafin ya miƙo wayar. Ladan da ya faɗa mini ya ninka na rasit sau uku, canjin ma ya ƙara a kai.

Ya ce, “Ai wahalata na cire.”

Da ya roƙa, da na ba shi fiye da haka. Muna gaisawa har yau, amma ban sake sayen ko akuya tare da shi ba.