Hutun da Ba Ya Shan Fenti

Shekara talatin Malama Doguwa tana koyar da 'yan aji uku da kalandar da ta zana a bango. Hutun da ba ya motsi, kamar ɗaya ga Janairu, fenti take shafa masa. Wanda ke bin ganin wata kuwa a kati take rubuta shi, kowace shekara yara su matsar da shi baya kamar kwana goma sha ɗaya.

Sabon hedimasta ya ce katunan ƙazanta ne. Ko ta fente duka, ko ta bar ajin.

Ta miƙa masa burushi a hankali.

"Bismillah, ranka ya daɗe. Amma fara hawa sama ka ɗaure watan. Ni ba na koya wa 'ya'yan mutane ƙarya."

Har ta yi ritaya, katunan na tafiya.