Ciki Ya Ce, Bai Ce Mara Ba

A Badaguishiri, duk wanda ya san miya ya san gabun Saude. Ganyen albasa take daka, ta dunƙula, ta shanya bisa tabarma, ranar kasuwa matan Tsarnawa da na Konni su zo suna tambayar inda ta zauna. Mijinta Sha'ibu shi ke noman albasar a garkarsa ta bakin fadama. Mutum ne mai kunya, irin wanda ko sunan ɗiyarsa ta fari bai taɓa kamawa da bakinsa ba. Mutane na yaba masa wannan hali, shi ma yana jin daɗin yabon.

Saude ta zo gidansa da ciwonta. Tun tana budurwa, kwana biyu kafin ta ga al'ada mararta ke fara murɗawa, can ciki, ya zagaya ƙugu ya sauka cinya. Tsofaffi suka ce aure ne maganinsa. Aka yi aure, bai tafi ba. Inna, uwar Sha'ibu, ta ce, "Bari ta haihu, za ka gani." Sai da aka shekara huɗu kafin ta samu ciki, ta haifi Hafiza. Lokacin cikin da goyon kuwa ta samu sauƙi sosai, har ta yi ƙiba. Inna ta ce, "Mi na gaya muku?"

Da al'ada ta dawo, ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Wani cikin kuma bai sake zuwa ba.

Sha'ibu ba mugun miji ba ne. In ya ga turmi a kife da hantsi, ya san an shiga kwanakin. Yakan tarar da ita durƙushe, goshi a ƙasa, ta danna tsumma mai ɗumi a mara. Sai ya ɗebo ruwa da kansa, ya kwashe gabu daga rana, ya fita. Yana lissafin kwanakin da ba ta salla, ya ga biyar sun zama bakwai, bakwai sun zama goma. Ya ga yadda take fitowa daga makewayi tana dafa bango. Ya san ko kusantarta ya yi takan cije leɓe, har ya rage zuwa. Duk ya sani. Faɗa ne bai iya ba.

Ranar da ya fara kai ta likita, majo, wato babban ma'aikacin wurin, namiji ne, ga layi har bakin ƙofa. Saude ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Majo ya ce, "Mi ke damunta?"

Sha'ibu ya ji kalmar ta zo masa har baki. Mara. Amma a ce mara gaban wani namiji, a ce jini, ga mutane na saurare? Sai ya ce, "Ciwon ciki ne, ranka ya daɗe."

"Kullum?"

"Yana zuwa, yana tahiya."

Majo ya rubuta abin da aka gaya masa a karne, ƙaramin littafin likita, ya ba da maganin tsutsa. Zuwa na biyu aka duba karnen, aka ga ciwon ciki, aka ba da maganin gyambon ciki, aka hana ta yaji. Wata shekara aka ce ko zazzaɓin hanji ne. Sun ƙetara har Najeriya sun sayo ƙwayoyi, sun sha rubutu, sun jiƙa saiwa. Ko'ina Sha'ibu ne ke magana, ko'ina kuma ciki yake cewa. Sau ɗaya a hanya, tana bayansa bisa babur, ta ce, "Malam, ai ba cikina ba ne." Ya ce, "To, ai duk wuri guda ne."

Haka aka ci shekara goma sha tara da aurensu. Maƙwabta suka saba, har da tsokana. "Saude, wata ya kama, sarauniya ta shiga ɗaki!" Takan yi murmushi ta ce, "Ku zo ku karɓi sarautar mana, kyauta na ba ku." Amma jinin ya yawaita, da gudaji, idonta ya yi fari, taɓarya ta fara fin ƙarfinta. Ciwon ma ya daina jiran wata.

Wata ranar kasuwa ta miƙe za ta auna wa wata mata gabu, ta faɗi. Aka wuce da ita babbar likita a Tawa, aka ƙara mata jini. Lokotoron da ta duba ta mace ce. Sha'ibu ya buɗe baki zai fara, ta ce, "Baba, ɗan jira mu waje." Yana zaune kan benci yana jin muryar Saude ta bayan ƙofa, tana magana, tana magana, kamar an ɓalle bakin rijiya. Bai taɓa sanin tana da magana mai yawa haka ba.

Bayan an yi mata hoton mara, lokotoro ta kira shi. Ta ce akwai shimfiɗa a cikin mahaifa wadda ke zubewa duk wata. Ga Saude, irin wannan shimfiɗa ta tsiro inda ba wurinta ba. Wata ta kutsa cikin naman mahaifar, shi ya sa ta kumbura take zubar da jini da yawa. Wata kuma tana waje, ta yi ƙullutu mai tsohon jini a ma'ajiyar ƙwai, da alama ta manne da hanji. Duk wata su ma sai su kumbura su yi jini, ba hanyar fita, su bar tabo. Ta faɗi sunayen da Faransanci, adenomiyoz da andometriyoz. Ta ce ba ciwon daji ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma wani ya shafa mata ba.

Sha'ibu ya ce, "Da an zo da wuri fa?"

"Ba ya warkewa kwata-kwata, Baba, ganewa ma yana da wuya. Amma akwai magungunan da ke kwantar da al'ada, irin na tazarar haihuwa, da sun rage mata wahala. Batun haihuwa kuma, da an duba tun da sauran lokaci. Ban ce da an samu ba." Ta ɗaga tsohon karnen. "Nan ko'ina ciki aka rubuta. Wa ya ce ciki?"

Ya dubi ƙasa. Saude ce ta amsa daga gado: "Mu muka ce."

Wannan "mu" ta fi masa zafi da a ce ta zage shi.

An gwada magani wata shida, jinin bai tsaya yadda ake so ba, aka cire mahaifar tana da shekara talatin da takwas. Jinin ya ɗauke, ciwon ya ragu ƙwarai, ko da yake wani lokacin yana taɓa ta, don na wajen ba a iya kwashe shi duka ba. Ta koma daka, kaɗan-kaɗan. Ƴan kayan jarirai da ta adana tun na Hafiza, ta kwance ƙullin ta ba wata maƙwabciya, ba ta yi shawara da kowa ba. Ba ta taɓa tuna masa da maganar bisa babur ba. Shi ne ke tunawa, musamman in yana ban ruwa shi kaɗai.

Bara Hafiza ta zo ganin gida daga Tsarnawa, inda take aure. Da hantsi Sha'ibu ya shigo ya tarar da ita durƙushe bayan rumbu, goshi a ƙasa. Lokotoro ta taɓa gaya musu abin yakan bi jini. Mijinta da ya rako ta ya ce, "Ba komai, Baba, ciwon ciki ne, yana zuwa yana tahiya."

Sha'ibu ya dubi mijin Hafiza. Suruki ne a gabansa, wanda ko abinci ba su ci tare. Ya cire hula, ya mayar.

"Ba ciki ba ne," ya ce. "Mara ce, kuma da al'ada yake tashi. Gobe ka kai ta likita. In kun shiga, kai ka yi shiru."

Saude na bakin turmi. Ta tsaya da taɓarya a sama, ta dube shi, sannan ta ci gaba da dakanta.