Mita Shida na Surukin Malam Haliru

Malam Haliru mutumin Kalgo ne, aikin koyarwa ya kai shi wata firamare a ƙauyukan Gwandu, kan hanyar Kambaza. Nan ya yi aure, nan furfura ta same shi. Ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. In yaro ya yi kuskure a lissafi, sai ya dube shi ya ce, "To, kai ke nan," ya wuce.

A shekararsa ta farko, lokacin yana da zafin nama, ya auna filin makarantar da kansa, ya rubuta tsarin darasi na aji biyar. Filin miƙaƙƙe ne mai kusurwa huɗu, tsawo mita sittin, faɗi arba'in. Kewaye shi ne a haɗa tsawo da faɗi a ninka biyu, mita ɗari biyu. Girman fili kuwa tsawo sau faɗi, murabba'in mita dubu biyu da ɗari huɗu. A mataki na biyu ya rubuta cewa malami zai fita da yara su auna da hannunsu. Tun daga nan kwanan wata kawai yake sakewa. Fitar kuwa, rana tana da zafi, allo kuma yana cikin inuwa.

Makarantar ba ta da katanga. Gabas da ita gonar gero ce ta Alhaji Mamman, mahaifin matar Malam. Malam bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, in ya hango shi tafe yakan cire takalmi tun daga nesa.

Wata damina Hajiya Kubura, mai duba makarantu daga Gwandu, ta zauna a bayan aji tana karanta tsarin darasin.

"Malam, na ga mataki na biyu. Bisimilla."

"Hajiya, ai yaran sun san amsar."

"Har iyayensu sun sani. A ɗauko igiyar awo."

Aka fita. Tsawo ya ba da sittin cif, Malam ya yi ajiyar zuciya. Da aka juya ga faɗi, igiya ta kai talatin da huɗu, sai gero ya tare ta.

"Ku ƙara ja," in ji Malam a hankali.

"Malam, sai dai mu shiga gona!"

Hajiya ta sa yara suka yi lissafin a ƙasa da tsinke. Kewaye ya koma ɗari da tamanin da takwas, girman fili dubu biyu da arba'in.

"Ina sauran ɗari uku da sittin suka tafi? Gonar wa ce wannan?" in ji ta.

Malam ya duƙufa yana naɗe igiya, kamar a duniya babu aikin da ya fi wannan. Yara suka amsa baki ɗaya, "Ta baban matar Malam ce!"

Hajiya ta gyara mayafi, ta dubi geron, ta dubi Malam. Ta ce kowa ya san halin garma, kowace damina takan ƙara kunya ɗaya ba da gangan ba. Amma in ta dawo bayan girbi ba ta sami arba'in ba, shi Malam ne zai kai ƙarar mai gonar gaban hakimi, ya faɗi sunansa da bakinsa.

Malam ya kwana biyu yana neman mafita. Matarsa ta ce, "Ni dai kada ka sa ni ciki." A rana ta uku ya rubuta wa aji aikin gida: wani fili mita sittin ne da arba'in, sai gero ya shigo mita shida ta gefen faɗinsa, nawa ya rage, nawa ya tafi? Ya ce wanda ya kasa ya tambayi manya a gida.

Jikokin Alhaji Mamman huɗu ne a ajin. Sun tambaya. Yaran maƙwabta ma sun tambaya. Kafin Juma'a, mai shayi da mai faci sun iya sittin sau shida. Ana gaisawa da Alhaji a ƙofar masallaci sai wani ya ce, "Alhaji, ya gero? An ce bana har makaranta ya shiga."

Alhaji ya bari sai da ya girbe geronsa tsaf, ya kwashe kara. Sannan ya tsaya bayan sallar Juma'a ya sanar cewa, saboda son ilimi, ya ba makaranta kyautar mita shida daga gonarsa, sadaka. Aka yi kabbara.

Da la'asar hedimasta ya tura Malam Haliru ya yi godiya a madadin makaranta. Malam ya cire takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baba, Allah ya saka da alheri."

"Ba komi, Malam," in ji Alhaji. "Amma wanga aikin gida da kuke ba yara, a riƙa sassautawa."