Kife Takarda

A gidan rediyon da na yi aiki a Garwa, ni kaɗai ce a sashen Hausa. Ma'aikatan sashen Fulatanci suna da abokan gardama, ni kuwa sai bango.

Wata safiya aka miƙo mini taƙaitaccen rahoton ofishin dabbobi kan rigakafin shanu. Faransanci ne cunkushe, jimla guda layi biyar, har da "dubi jadawalin sama". Mai sauraro yana da sama ne? Wurin allurar da ranar yin ta ma sai a ƙarshe suka ambata.

Da na zo fassarawa, na dawo da wurin da ranar zuwa farkon sanarwar, na maimaita su a ƙarshe, na zubar da tarin alƙaluman. Kowace jimla sai na karanta, na kife takardar, na faɗa da ka. Wadda ta kuɓuce mini, na raba ta biyu. Ba wanda zan tambaya ko ta yi.

Washegari a kasuwa wani mahauci yana yanka mini nama, ya ce, "Hajiya, kin ji sanarwar allura?" Ya zayyano mini jimlolina daki-daki, bai gane muryata ba.

Na ce ban ji ba, don ya sake faɗa.