Ɗan Mahauci a Gefen Hausa

Zamanin soja, ana tsakiyar kuɗin mai, ina koyar da ilimin zamantakewa a wata kwaleji a Sakkwato. Na taƙaita wa ɗalibai babin da ke bayanin yadda jama'a suke hawa-hawa, da yadda mutum ke sauya matsayi, Turanci a hagu, Hausa a dama. A Hausar na ba da misalin ɗan mahauci da ya zama babban ma'aikaci, amma manyan gari suka hana shi aure.

Shugaban sashenmu ya soke Hausar da jan biro.

"Malam, bar shi da Turanci. Wanga ko masinja yana gane shi."

Ƙyamarsa ta kama ni. Turancin kaɗai aka buga, amma a aji na karanta musu Hausar da bakina.