Gwadabe da Tiyon Fadama

Ƙanena Gwadabe ɗan acaɓa ne a Gaya, amma da wuya ka ga fasinja a bayansa. Kullum yana gindin darbejiyar tasha da tsumma a hannu, yana goge tankin da babu ko ƙura a kansa. Wallahi na sha kama shi yana duba haƙoransa a jikin salansa.

Ni ma da babur nake ci, kuma ban taɓa ƙin wanki ba. Sai dai wanki yana da ƙa'ida. Ka bari inji ya huce, ka ɗaure bakin salansa da wajen makulli da leda, ka kawo bokiti da tsumma mai laushi. Sarƙa kuwa kalanzir da tsohon buroshi, ta bushe, ka ɗiga mata mai. Na gaya masa har bakina ya gaji.

"Haba Yaya," in ji shi, "wannan ai wankin tsofaffi ne."

Shi nasa na zamani, fadama yake tafiya wajen masu noman rani, ya ari tiyon injin ban-ruwa, ya saita shi a kan babur kamar mai kashe gobara. Tsakiyar taya, ƙarƙashin tanki, kan wayoyi, babu inda yake bari. Ruwa mai ƙarfi haka kutsawa yake cikin boris ɗin taya ya kore giris, amma ina ruwan Gwadabe, tunda ido ba ya gani. Sarƙa ma garin sabulu yake zuba mata, kuma ya rantse ba zai sa mata mai ba, wai yana ɓata masa ƙafar wando.

Abu ɗaya ne ya kusa kamo babur ɗin a zuciyarsa: Afra'u, 'yar Malam Inuwa na unguwarmu. Yarinyar tana sonsa, Allah ne ya san dalili. Uban ne bai saki jiki ba, yana cewa bai ga alamar yaron zai iya riƙe gida ba. Ana cikin haka aka sa ɗaurin auren ɗan ƙanin Malam Inuwa a Ajingi, dattijon ne kuma wakilin ango. Afra'u da kanta ta lallaɓa uban ya bari Gwadabe ya kai shi, ko ya ga hankalinsa a hanya.

Da mai hankali ne, da ya duba mai da birki. Gogan naka da sassafe ya zarce fadama, inji da zafinsa, ya yi masa wankan da bai taɓa yi ba. Da ya dawo ƙofar gidan Malam Inuwa, har yara suka taru kallo. Ni dai na ji yadda injin yake tari, na ce, "Gwadabe, karɓi nawa."

Ya dubi babur ɗina sama da ƙasa. "Yaya, a wannan zan ɗauki suruki?"

To, madalla. Suna fita gari babur ya yi ta shaƙewa har ya mutu, don ruwa ya kwanta a cikin hular fulogi. Malam Inuwa, da babbar rigarsa, shi ya gane matsalar, ya cire hular ya goge da gefen rawaninsa. Suka tashi. Ba su yi nisa ba tayar baya ta fara kuka tana rawa, boris ɗin da tsatsa ta cinye ya watse, busasshiyar sarƙar nan ta yi tsalle ta sauka. Allah ya tsare ba su faɗi ba. Ga su tsakanin gonakin gyaɗa, rana ta take, motar da ta zo sai ta wuce a cike.

A bayan a-kori-kura, cikin awaki, dattijon ya isa Ajingi. Ya tarar an shafa fatiha, wani daban ya karɓi auren a madadinsa, ana ta rabon alawa.

Da yamma na raka Gwadabe ba da haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya durƙusa yana cewa, "Baba, wallahi sai da na wanke shi tas."

"Na gani," in ji Malam Inuwa. "Har fuskata na gani a tankin muna tsaye a rana."

Afra'u ce ta yi magana daga bayan ƙyauren zaure.

"Baba, ni na sa ka hau. Ka yafe mini. Maganar aurena da Gwadabe kuma a bar ta."

Bayan sallar layya aka ɗaura mata aure da Ɗayyabu mai kai buhunan gero kasuwar Ajingi, wanda babur ɗinsa ko madubi babu, sarƙa kuwa baƙi ƙirin da mai. Gwadabe ya je ɗaurin auren, ya kafe nasa a sahun gaba. Duk wanda ya fito daga masallaci sai ya tsaya ya gyara hularsa a jikin tankin, sannan ya wuce ya yi wa Ɗayyabu murna.