Duron Shara a Zauren Gidanmu

Bayan Jalingo ta zama babban birnin jiha, abu na farko da na ga ya yi ƙiba a garin shi ne bolar kasuwa. Gidanmu a Majidaɗi yake, ba nisa da kasuwar. Kullum da safe idan na fita cefane sai na wuce tulin sharar nan da ke ƙarshen layin 'yan kayan miya, na toshe hanci da gefen mayafi ina neman tsari.

Mai share layin maƙwabciyata ce, 'yar Mumuye, Kirista, mijinta ya rasu ya bar ta da tagwaye suna firamare. Maman 'yan biyu kowa ke kiranta. Leburar ƙaramar hukuma ce, irin waɗanda ba a tabbatar da su a aiki ba, wato duk ranar da helma, shugaban leburori, ya tashi da ɓacin rai yana iya cewa ta ajiye tsintsiya. Da wannan aikin take ci da yaran.

Kafin a buɗe rumfuna ta share layi, ta kwashe a baro ta kai bola. Can za ta tsaya da manjagara ta ware: ɓawon doya da ganyen kabeji gefe guda, masu awaki da masu aladu su zo su ɗiba; kwalabe gefe, masu sayar da gyaɗa na jira; kwali na masu ƙosai ne, na hura wuta. Sauran, ruɓaɓɓen tumatir da leda, su jira tifa. Ita kuwa tifa kamar baƙon nesa take, wani lokaci ba mai, wani lokaci ba taya. Amma mai yankan tikitin rumfa ban taɓa jin ya yi ko ciwon kai ba. Kuma tunda an ce har da kuɗin shara a cikin tikitin, 'yan kasuwa suka ɗauka sun sayi izinin zubarwa ne. Mutum zai wurga ruɓaɓɓen attaruhu a gaban ƙafarki, idan kin kalle shi ya ce, "Na biya, Hajiya."

Sai wata shekara aka ce za a yi gyara. Aka kawo duro-duro sababbi, an yanke musu kai, an shafe su da koren fenti, an rubuta "A zuba shara a nan" da farin fenti. Layin Maman 'yan biyu ya samu shida. Helma ya tara leburori ya ce kowane mai shara shi ne zai amsa tambaya a kan na layinsa.

Abin da ba a yi tunani ba shi ne rani ake ciki, famfo ya daɗe da yin shiru, 'yan garuwa suna ta yanga. Duk macen da ta kalli duron nan ba shara take gani ba, ruwan wanka da wanki na kwana da kwanaki take gani. Wata mai sayar da daddawa ta shafa jikinsa ta ce mini, "Yanzu fisabilillahi wannan za a zuba wa ƙazanta? Ai alhaki ne."

Saboda gudun alhaki kuwa, kafin sati ya zagayo biyu sun yi ƙafa. An ce an ga ɗaya a wani gidan burkutu a Sintali, an juya rubutun yana kallon bango.

Helma ya ba da umarni a huda gindin sauran da ƙusa, yadda ba za su riƙe ruwa ba. Masu gashin nama da masara suka ji daɗin wannan dabara ƙwarai, don duro mai huji shi ne yake shan iska, gawayi ya kama da kyau. Uku suka bi 'yan uwansu.

Ina tsaye ina zaɓen kuɓewa ranar da helma ya tare Maman 'yan biyu a tsakiyar layi.

"Ke, Mama! Cinye su kike yi ne?"

"Oga, ni share nake yi, ba gadi ba. In na tafi gida, duro zai bi ni?"

"To ya bi ki! Idan wannan ɗayan ya ɓace, ke ma ki ɓace tare da shi. Akwai mata da yawa masu son tsintsiyar nan."

'Yan rumfa suka yi dariya. Ban yi rantsuwa ba, amma a cikin masu dariyar akwai waɗanda matansu suka daina kiran ɗan garuwa a wannan watan.

Da la'asar na ji ƙugi a ƙofar gida kamar hadari ya taso. Na leƙa, sai ga Maman 'yan biyu tana mirgino duron, zufa ta jiƙa mata riga.

"Amarya," haka take kirana duk da 'ya'yana uku, "ki taimake ni. Gidana ba ƙofa mai kwaɗo. Oga ya ce ya bi ni, ga shi ya biyo ni."

Na ce sai na tambayi maigida. Shi kuwa ya zagaya duron, ya karanta rubutun, ya ce, "Kayan gwamnati a zaurena? In soja suka zo fa?" Na ce masa amana ce, kuma abincin marayu ne a ciki. Sai ya ce a sa shi bayan ƙyaure a rufa masa tsohuwar tabarma.

Daga nan tsari ya zauna. Shara ta koma ƙasa yadda ta saba, Maman 'yan biyu ta koma wa baronta da manjagararta, masu awaki suka yi murna, don dama ba sa son tsoma hannu cikin zurfin duro suna lalube. Shi kuma duron yana zaurenmu, yana fita ne kawai Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsabtace gari, lokacin da soja ke hana zirga-zirga har hantsi, manya kuma su zagaya kasuwa. Ta wanke shi da omo, ta kai shi bakin layi, ta tsaya kusa da shi kamar uwar amarya. Helma ya san komai. Da ya tambaye ta inda yake kwana, ta ce, "Yana nan lafiya, Oga." Bai ƙara tambaya ba, shi ma ana tambayarsa a sama.

Ranar da babban duba-gari ya zo da tawagarsa ina wurin, wata Asabar ɗin tsabta ce, an saki mutane kenan na fito sayen manja. Ya fara da layin mahauta. Mai share can tsoho ne mai gaskiya, ya ɗaure duronsa da sarƙa a jikin turken rumfa, ana ta zuba masa ƙashi da tumbi wata da watanni. Fenti ya tafi, gindi ya yi tsatsa, ƙudaje sun yi masa rawani. Duba-gari ya rufe baki da hankici ya yi wa tsohon tas, ya ce ya wulaƙanta dukiyar hukuma.

Sai ya iso layin Maman 'yan biyu. Ga duro kore shar, rubutu fes. Bayansa kaɗan ga bola ta kusa kai tsayin mutum, don tifa ta yi makonni ba ta leƙo ba, amma bai ɗaga ido ya kai can ba. Ya leƙa cikin duron, ya ƙwanƙwasa shi da sanda, ya juya ga leburori.

"Kun gani? Haka ake riƙe kayan gwamnati! Wa ke kula da wannan?"

Maman 'yan biyu ta durƙusa. Ya ce wa helma irin waɗannan ne ya kamata a tabbatar a aiki, kuma helma ya ce dama maganar tana ransa.

Aka kuwa tabbatar da ita kafin damina ta ƙare. Ta zo mini da ƙwaryar gyaɗa tana hawaye tana dariya, na yi hamdala, don na san tagwaye za su ci gaba da makaranta. Tsohon layin mahauta shi ne ya daɗe yana damuna a rai. Na sa shi cikin addu'a, kuma na ji daga baya cewa shi ma ya kwance sarƙar, ya kankare duronsa, ya nema masa ɗaki a gidan wani mahauci.